Ranar da VPN ɗin ofis ya ƙi buɗewa

Fayilolin da ma'aikaci ke buɗewa kullum a ofis, irin su takardar albashi, lissafin sito da wasiƙun kwangila, yawanci ba a cikin kwamfutarsa suke ba. Suna zaune ne a wata na'ura da ake kira saba, wadda aka ajiye a wani ɗan ɗaki mai sanyi ko a lungun ofishin manaja. Foldar da yake gani a allonsa da harafin `Z:` hanya ce kawai zuwa can. Idan ya ɗauki kwamfutar ya tafi gida, sai ya tarar da jan alama a kan foldar, ya danna ta ƙi buɗewa.

Dalili shi ne adireshin sabar na cikin gida ne. Lamba irin `192.168.10.5` ba ta da wata ma'ana a intanet ɗin duniya, domin dubban ofisoshi da gidaje suna amfani da irinta a lokaci guda, kowa a cikin katangarsa. Kuma babu kamfani mai hankali da zai buɗe wa duniya ƙofar da Windows ke raba fayiloli ta cikinta, wato ƙofa mai lamba 445. Ta nan ne cutar kwamfuta ta WannaCry ta bi a watan Mayun 2017 ta kulle na'urori a ƙasashe da dama, har da na asibitocin Birtaniya.

Abin da VPN ke yi shi ne ya shimfiɗa keɓaɓɓiyar hanya daga kwamfutarka zuwa ofis ta cikin intanet ɗin da kowa ke bi. Duk abin da zai wuce sai an rikitar da shi ta yadda na tsakiya ba zai iya karantawa ba, ko kamfanin layin wayarka ne, ko mai otal ɗin da ka sauka. Da zarar an haɗu, sai a ba kwamfutarka adireshi na wucin gadi, ta zama kamar tana zaune a teburin ofis. Wannan daban yake da VPN ɗin da jama'a suka yi rububin saukewa a waya lokacin da gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter a watan Yunin 2021. Wancan yana fitar da kai ne ta wata ƙasa, na kamfani kuwa yana shigar da kai ofis ɗaya tak, kuma ba ya shigar da kowa sai ya tabbatar da ko wane ne.

A nan satifiket ke shigowa. Ka ɗauke shi kamar katin shaidar ma'aikaci da ake nuna wa maigadi: akwai suna a kai, akwai hatimin wanda ya bayar, akwai ranar da ya fara aiki da ranar da zai daina. Bambancin kawai shi ne a nan ɓangarori biyu ne ke nuna kati. Kwamfutarka tana nuna nata don ofis ya yarda da ita, sabar ofis ma tana nuna nata don kwamfutarka ta tabbatar ba wani ɗan damfara ne ya tsaya a tsakiya yana amsa sunan ofis ba. Shi kansa mai hatimin, wanda a allo za ka ga an rubuta shi `CA`, yana da nasa satifiket mai ranar ƙarewa. Ke nan takardu uku ne, kuma kowacce tana iya mutuwa ita kaɗai.

Mutane kan yi ƙorafin me ya sa ma za a sa ranar ƙarewa. Ana sace kwamfuta a mota, ma'aikaci yana barin aiki da fayil ɗinsa a filashi, kuma ba kullum ofis ke tunawa ya soke ba. Ranar ƙarewa ita ce ke tabbatar da cewa abin da aka manta da shi ba zai yi ta aiki har abada ba. Matsalarta ɗaya: na'ura ba ta ɗaga ƙafa. Daƙiƙa ɗaya ta wuce, an rufe. Kuma ba ƙananan ofisoshi kaɗai ke faɗawa ba. A ranar 6 ga Disamban 2018 wani satifiket da ya ƙare a manhajar kamfanin Ericsson ya katse wa miliyoyin masu layin O2 a Birtaniya da na SoftBank a Japan sadarwa. A farkon Fabrairun 2020 manhajar Teams ta Microsoft ta tsaya na wasu awanni saboda ba a sabunta satifiket a kan lokaci ba.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi daki-daki. A ce wani kamfanin rarraba kaya a Kano ya ɗauko injiniya ya kafa masa OpenVPN, manhajar da ƙananan ofisoshi ke yawan amfani da ita saboda kyauta ce. Injiniyan ya yi aikin ranar Laraba, 1 ga Maris 2023, da ƙarfe goma da rabi na safe. Ya yi amfani da Easy-RSA wajen fitar da takardun, bai kuma taɓa wa'adin da manhajar ke zuwa da shi ba: kwana 3650 ga mai hatimi, kwana 825 ga saba da kowane ma'aikaci. Ya miƙa wa kowa fayil ɗinsa mai ƙarewa da `.ovpn`, aka biya shi, ya tafi. Idan ka ƙirga kwana 825 daga wannan rana, za ka sauka a kan Talata, 3 ga Yunin 2025, saura kwana uku Babbar Sallah a Najeriya. Tun ranar da aka kafa abin an san wannan rana, a rubuce take a cikin fayil ɗin kowa. Babu dai wanda ya duba.

Ran nan akantar kamfanin tana gida tana haɗa takardar kuɗin Sallah na ma'aikata. Da safe komai lafiya. Ko da lokacin ya cika ma hanyar ba ta yanke nan take ba, saboda ba a duba satifiket sai lokacin gaisawa tsakanin na'urorin biyu, kuma OpenVPN kan sake wannan gaisuwa ne duk bayan awa guda. Can wajen azahar sai foldar ta daskare. Ta kashe ta kunna, alamar da ke ƙasan allo ta tsaya a rawaya ta ƙi komawa kore.

Abu na farko da kowa ke zargi shi ne netwok, kuma manhajar ma kan taimaka wajen ɓatar da mutum. Idan ka buɗe wurin da take rubuta abin da ke faruwa, ta hanyar danna `View Log`, sau da yawa wannan layin za ka gani a ƙasa:

```
TLS Error: TLS key negotiation failed to occur within 60 seconds (check your network connectivity)
```

Layin yana cewa gaisuwar ba ta kammala cikin daƙiƙa 60 ba, ka duba intanet ɗinka. Sai mutum ya sayi sabuwar data, ya canza layi, ya fita tsakar gida da kwamfuta a hannu yana neman sabis. Alhali wannan layin sakamako ne kawai, dalilin yana can sama da shi. Gwajin mai sauƙi ne: idan shafukan intanet suna buɗewa lafiya, ka ƙyale data, ka ɗan hau sama a cikin rubutun ka nemi kalmar `expired`.

Akantar tamu ta hau sama ta tarar da layuka biyu:

```
WARNING: Your certificate has expired!
VERIFY ERROR: depth=0, error=certificate has expired: CN=server
```

Na farkon yana cewa nata satifiket ɗin ya ƙare. Na biyun yana cewa kwamfutarta ta duba na sabar ofis ta ga shi ma ya ƙare, don haka ta ƙi yarda da shi. Ba abin mamaki ba ne, tunda rana ɗaya aka haife su. Lambar da ke gaban `depth` tana da amfani sosai ga wanda zai gyara: sifili na nufin takardar sabar ce da kanta, ɗaya kuwa a irin wannan ƙaramin tsari na nufin ta mai hatimi ce. Da a ce `AUTH_FAILED` ta gani, to zancen ya sha bamban, kalmar sirri ce ba daidai ba ko an rufe asusun, satifiket ba shi da laifi.

Wanda ba ya son karanta waɗannan layuka yana da wata hanya: ya kira abokin aiki ɗaya ko biyu da ke gida su ma. Idan kowa ya kasa shiga a lokaci guda, matsalar tana ofis. Idan kai kaɗai ne, to naka ne ya mutu, ko kuma agogonka ne.

Zancen agogo ya cancanci a tsaya a kansa, musamman a wajenmu da kwamfutoci da dama da ke hannun ma'aikata na gwanjo ne. Kwamfuta ba ta da wata hanyar sanin ko satifiket ya ƙare sai ta kwatanta ranar da ke jikinsa da ranar da agogonta ya nuna. A cikin kusan kowace kwamfuta akwai wani ɗan batir mai kama da kwabo da ke riƙe agogo idan an kashe ta. Idan ya mutu, kuma babban batirin ma ya ƙare, sai ta farka tana ganin ana wata shekara da ta wuce tuntuni. A lokacin za ka ga `not yet valid`, wato wai satifiket ɗin bai isa fara aiki ba tukuna. Idan kuma agogon gaba ya yi, sai lafiyayyen satifiket ya zama matacce a idonta. Saboda haka kafin ka kira kowa, duba kusurwar allo: rana, wata, shekara. Ka kuma tuna lokacin da ke jikin satifiket na GMT ne, Najeriya da Nijar kuwa suna gaba da awa ɗaya. Wanda aka rubuta zai ƙare 09:30, a Kano ko Maraɗi sai goma da rabi zai mutu.

Daga nan ne wata dabara ke zuwa wa masu wayo: tunda agogo ne alƙali, me zai hana a mayar da shi baya da wata guda? Wani lokaci takan yi aiki idan na sabar ne kaɗai ya ƙare, domin kwamfutarka ce ke dubawa. Amma idan naka ne ya mutu, sabar ofis ce ke dubawa da nata agogon, kuma hannunka ba ya kaiwa can. Ko ta yi aikin ma, ɓarnarta ta fi amfaninta. Tsarin shiga na Windows a ofisoshi ba ya yarda da saɓanin agogo da ya wuce minti 5, don haka kana iya shiga VPN foldar kuma ta ƙi ka. Shafukan banki za su fara ƙorafi, duk fayil ɗin da ka adana kuma zai ɗauki ranar ƙarya. Akanta da ke haɗa takardar kuɗi ba ta buƙatar wannan.

Akwai tarkon da ya fi wannan haɗari. Wasu manhajojin, kamar ta Cisco da manyan kamfanoni ke amfani da ita, kan fito da gargaɗin `Untrusted Server Certificate` tare da maɓallin `Connect Anyway`, wato ka ci gaba duk da haka. Mai sauri sai ya danna. Amma gargaɗin da ke fitowa idan ofis ya yi sakaci shi ne dai ke fitowa idan wani ya tsaya a tsakiya yana kwaikwayon ofis, misali a intanet ɗin kyauta na otal ko filin jirgi. Idan ka danna ka rubuta kalmar sirrinka, ka miƙa masa da hannunka. A ganina ma'aikaci bai kamata ya yanke wannan hukunci shi kaɗai ba. Ya ɗauki hoton allon ya tura wa mai kula da kwamfutocin ofis, ya jira.

To, ta yaya ake gyarawa? Ma'aikacin da ke gida ba zai iya sabunta satifiket da kansa ba, domin sai mai hatimi ya sa hannu, kuma mabuɗin hatimin yana wurin ofis. Nasa aikin shi ne ya kai rahoto mai ma'ana. "VPN ba ya yi" ba rahoto ba ne. Rahoto shi ne: intanet yana aiki, agogo daidai yake, ga layin da na gani, kuma na kira wane shi ma ya kasa. Wannan kaɗai ya rage wa injiniya rabin wahala.

Shi kuma injiniyan zai fara da tabbatar da ranakun:

```
openssl x509 -in server.crt -noout -dates
notBefore=Mar  1 09:30:00 2023 GMT
notAfter=Jun  3 09:30:00 2025 GMT
```

Sai ya sabunta na sabar, ya ɗora sabon a wurin tsohon, ya sake kunna manhajar. A Easy-RSA umarnin shi ne `./easyrsa renew server`, ko da yake yadda yake aiki ya ɗan bambanta daga fitowa zuwa fitowa. Abin daɗin shi ne idan na sabar ne kaɗai ya ƙare, babu abin da ma'aikata za su taɓa. Kwamfutocinsu ba takardar sabar suka haddace ba, hatimin suka sani, kuma hatimin bai canza ba. A kamfanin misalinmu dai ba a tsira da wannan sauƙin ba, tunda na ma'aikatan farko duk sun mutu tare. Dole a fitar wa kowa sabo, a haɗa masa sabon fayil, a kai masa.

Wajen kaiwar ne ake yawan yin kwaɓa. Fayil ɗin `.ovpn` yawanci ba satifiket kaɗai ke cikinsa ba, har da mabuɗin sirrin mai shi, wanda shi ne ainihin abin da ke buɗe ƙofa. Duk wanda ya samu kwafi ya zama kai a idon ofis. Jefa irin wannan fayil a zauren WhatsApp na ma'aikata, kowa ya zaɓi mai sunansa, ya rushe duk tsaron da aka kashe kuɗi aka gina. Hanyar da ta fi ita ce mutum ya zo ofis a sa masa. In ba hali, a kulle fayil ɗin da kalmar sirri a tura ta imel ɗin kamfani, a kira mutumin a waya a faɗa masa kalmar. Idan ya iso, sai ya goge tsohon a cikin manhajar, ya shigar da sabon ta `Import file`, ya haɗa. Alamar an dace ita ce layin `Initialization Sequence Completed`. Kuma tunda 'yan damfara sun san wannan yanayi, duk saƙon da ya zo yana cewa satifiket ɗinka ya ƙare, danna nan ka sabunta, kada ka taɓa shi sai ka kira ofis ta lambar da ka riga ka sani.

Idan aikin ba zai jira ba, mafi tsabta shi ne a shiga mota a tafi ofis, domin a cikin ginin ba a buƙatar VPN. In kuwa abokin aiki ne ya turo maka fayil ɗin ka gyara a gida, ku yi yarjejeniya kada kowa ya taɓa na sabar har ka mayar da naka, in ba haka ba za a wayi gari da takardar albashi iri biyu.

A manyan ma'aikatu kamar bankuna da ƙungiyoyin agaji, inda kwamfutoci ke ƙarƙashin Active Directory, labarin ya ɗan bambanta. Can kwamfuta ce ke sabunta satifiket ɗinta da kanta ba tare da mai ita ya sani ba. A tsarin da Windows ke zuwa da shi, satifiket na shekara guda ne, ana kuma buɗe damar sabuntawa mako shida kafin ya ƙare. Sharaɗin shi ne kwamfutar ta samu ganawa da ofis a cikin waɗannan makonni. Wadda ta tafi hutun haihuwa, ko wanda ya tafi aikin Hajji ya haɗa da hutun shekara ya bar kwamfutar a durowa, yana iya dawowa ya tarar damar ta wuce. Sai a shiga tsaka mai wuya: ana buƙatar VPN kafin a sabunta satifiket, ana kuma buƙatar satifiket kafin a shiga VPN. Mafita a nan yawanci ita ce a ɗauki kwamfutar a kai ta ofis ko reshe mafi kusa, a jona ta da wayar netwok, ta karɓi sabo. Mai son ya san ranarsa tun da wuri sai ya danna maɓallin Windows tare da `R`, ya rubuta `certmgr.msc`, ya shiga `Personal` sannan `Certificates`, ya duba layin `Expiration Date`. Idan satifiket ɗin na kwamfutar ne ba na mutum ba, yana cikin `certlm.msc`. Wanda ya ga ranar za ta faɗa cikin hutunsa, ya gaya wa ofis kafin ya tafi.

Akwai wata takarda ta huɗu da ke kayar da injiniyoyi da kansu. Idan an sallami ma'aikaci ko an sace kwamfuta, ana saka satifiket ɗin a jerin waɗanda aka soke, wanda ake kira `CRL`. Shi ma jerin yana da wa'adi, kwana 180 a Easy-RSA. Idan ya ƙare, sabar ba ta cewa to a bar kowa ya wuce, sai ta hana kowa. Abin da ke rikitarwa shi ne a gida ba za ka ga kalmar `expired` ko ɗaya ba, sai layin daƙiƙa 60 ɗin nan kawai, kuma duk satifiket ɗin da aka duba lafiyarsa ƙalau. Sai an buɗe rubutun sabar za a ga `CRL has expired`. Gyaran bai wuce `./easyrsa gen-crl` da ɗora sabon jerin a wurinsa ba, amma ana iya shafe yini ana nemansa.

Sabbin takardun da aka fitar wa kamfanin misalinmu a Yunin 2025, idan an bar wa'adin a kwana 825, za su ƙare ne a farkon Satumban 2027. Na mai hatimi kuwa zai cika kwanakinsa 3650 ranar 26 ga Fabrairun 2033, kuma wannan ne mai wuyar, domin kwafinsa yana cikin fayil ɗin kowane ma'aikaci, sai an bi su ɗaya bayan ɗaya an canza. Kafin wannan lokaci mai yiwuwa injiniyan da ya kafa abin ya daɗe da barin garin. Don haka manajan da ya biya kuɗin aikin ya kamata ya karɓi abu biyu a hannunsa tun yanzu: ranakun ƙarewar duk takardun, a sa su a kalandar ofis da tunatarwar wata guda kafin kowacce, da kuma kwafin foldar `pki` tare da kalmar sirrin hatimin, a kulle a wurin da ake ajiye takardun banki. Idan wannan foldar ta ɓace, babu sauran sabuntawa, sai dai a rushe a sake kafa komai daga farko.